Tsani a wasan Go: yadda ake gane ko dutsen da ke kan hanya ya karya shi

A wasan Go, wasan allo da ake yi da fararen duwatsu da baƙaƙe, inda ake cinye dutse idan an toshe duk ƙofofinsa, wato guraben da ba kowa da ke manne da shi, akwai kamun da ake yanke hukuncinsa tun kafin a aza dutse na biyu, shi ne tsani, wanda 'yan wasan Japan ke kira shicho. Dutse ɗaya ya shiga atari, wato ƙofa ɗaya tal ta rage masa, mai shi ya zura shi waje, abokin karawa ya sake tare shi, haka za su yi ta tafiya a karkace har bakin allo. Idan hanya fayau take, mai gudu ya mutu. Rigimar tana tasowa ne idan akwai wani dutse zaune can gaba, kusa da inda tsanin zai bi. A nan mutum zai tsaya ya tambayi kansa: wannan dutsen ya karya tsanin, ko kuwa za a wuce shi a gefe?

Mu kafa misali guda mu bi shi har ƙarshe. Allon mai layi 19 ne a tsaye da 19 a kwance. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa daga A zuwa T, ba a sa harafin I, na kwance kuma da lamba daga ƙasa zuwa sama. Fari yana da dutse a D4. Baƙi yana da C4 da D3 da E3, sannan ya aza D5 ya sa Fari a atari. A zanen nan X Baƙi ne, O kuma Fari.

```
6  . . . . . .
5  . . . X . .
4  . . X O . .
3  . . . X X .
   A B C D E F
```

Ƙofar da ta rage wa Fari ita ce E4. Da ya shiga can, ƙofofinsa sun zama 2, F4 da E5, domin E3 ya riga ya toshe ƙasa. Baƙi ya aza F4, Fari ya hau E5. Baƙi E6, Fari F5. Baƙi G5, Fari F6. Kullum Fari yana samun ƙofa 2, kullum ana mayar da shi 1. Duk sirrin tsani ke nan. Ranar da ya samu 3 bayan zurawa, ya tsira. Ranar da ya zura ya tarar ƙofa 1 ce, an cinye shi. Kuma Baƙi ba shi da zaɓi a kan gefen da zai tare. Da a ce lokacin da Fari ke E4 ya tare a E5 maimakon F4, Fari zai miƙe zuwa F4 ya sami F3 da G4 da F5, magana ta ƙare. Dole a tare shi ta gaba, a tilasta masa lanƙwasa.

Idan babu komai a sauran allon, tafiyar za ta ratsa tsakiya ta K10, ta wuce Q16, ta ƙare a kusurwar sama ta dama. Fari zai kai S18, Baƙi S19, Fari T18, Baƙi T19 ya kwashe duwatsu 30. Ba wanda ke da hankali da zai bari a kai can, shi ya sa ake karanta tsani a ka, ba a kan allo ba.

Yanzu dubi sawun da tafiyar ta bari. Duwatsun Fari suna kan layin karkace guda 2 da ke manne da juna: ɗaya D4, E5, F6, G7 har sama, ɗayan E4, F5, G6, H7. Na Baƙi sun yi musu shinge, layi ɗaya ta sama, wato D5, E6, F7, layi ɗaya ta ƙasa, wato F4, G5, H6. Layi 4 ke nan. Mai koyo yakan tsaya a nan, ya ɗauka faɗin tsani ke nan. Amma akwai ƙarin layi ɗaya a bayan kowane shinge, kuma su ne suka fi kayar da mutane. Faɗin hanyar layi 6 ne.

Layuka 4 na ciki ba su da wuyar ganewa. A ce Fari yana da dutse a Q16, tauraron kusurwar da tsanin ya nufa. Za a yi ta kora har Fari ya kai P15. Baƙi ya tare a P16, Fari ya aza Q15 ya haɗe da Q16, ƙofofinsa sun zama R15 da R16 da Q17. In Baƙi ya gwada tarewa a Q15, Fari ya bi ta P16 ya haɗe, ƙofofin ma sun fi yawa. Haka yake idan dutsen yana R16 ko Q17. Ko dai mai gudu ya riski ɗan'uwansa, ko ɗan'uwan ya riga ya zauna a gurbin da Baƙi ke bukata.

Layukan waje su ne ke bukatar a zauna a kansu, domin dutsen da ke can ba ya taɓa mai gudu ko kaɗan. Abin da yake taɓawa shingen ne. Kowane dutsen Baƙi a tsani, da zarar Fari ya wuce shi, ɓangarensa 2 suna jingine da fararen duwatsu, ƙofa 2 kacal ta rage masa ta waje. Ka duba E6: E5 na ƙasansa fari ne, F6 na damansa fari ne, saura D6 da E7. Muddin ƙofofin nan 2 suna buɗe, Baƙi yana da zarafin ci gaba da kora. Idan aka riga aka toshe ɗaya, lissafin ya juye.

A ajiye farin dutse a N15 a gani. Fari ya iso N13, Baƙi ya aza N14 kamar kullum, sai dai yanzu akwai fari a kansa. Fari O13, Baƙi P13, Fari O14. Wannan zurawar ta yi aiki biyu: ta ba Fari ƙofa 2, ta kuma sa N14 a atari, domin M14 kaɗai ya rage masa. Baƙi ya sake sa atari a O15, amma Fari ba ya bukatar gudu kuma. Sai ya aza M14 ya cinye N14, kuma da wannan azawar M13 ma ya shiga atari. Ko da Baƙi ya ƙara matsawa a P14, Fari zai cike N14 ya haɗe da na waje. Tsanin ya karye, alhali mai kallo daga nesa zai rantse cewa N15 ba ya kan hanya.

To, matsar da dutsen nan taki ɗaya zuwa hagu, M15. Maƙwabtansa M14 da N15 da L15 da M16 ne, babu wanda Baƙi zai aza dutse a kai. N14 zai riƙe ƙofofinsa 2, tsanin ya wuce abinsa har kusurwa. Tsakanin Fari ya tsira da Fari ya yi asarar duwatsu 30, gurbi ɗaya ne. Ta ɓangaren ƙasa ma haka abin yake: farin dutse a Q13 yana taɓa P13 ya karya tsanin, na R13 kuwa ɗan kallo ne.

Akwai dabarar lissafi mai sauƙi ga wanda idonsa ke ɓata idan ya bi karkace mai nisa. Mayar da harafi lamba, A ya zama 1, H ya zama 8, J ya zama 9 tunda babu I, T ya zama 19, sai ka cire lambar layin kwance daga ciki. Duk gurabun da ke kan layin karkace ɗaya ragowarsu ɗaya ce. A wannan tsanin Fari yana tafiya a kan 0 da 1, shingen Baƙi yana kan -1 da 2, layukan waje kuma -2 da 3. N15 shi ne 13 a cire 15, ya ba da -2, yana ciki. M15 ya ba da -3, yana waje. Ni a ganina amfanin wannan lissafin guda ne: yana nuna maka inda za ka tsaya ka karanta. Ba ya yi maka karatun. Idan dutse ɗaya ne tilo a fili, hukuncinsa daidai yake fita. Amma a wasa na gaske da wuya ka sami dutse yana zaune shi kaɗai, kuma kusa da bakin allo, a layi na 2 da na 3, ƙofofi suna ƙarewa da wuri, dole a bi azawa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da ke ɓata lissafin shi ne baƙin dutse da ke gaban farin. A ce Fari yana da Q16, amma Baƙi yana da K10 a cibiyar allo. Fari ya kai J9, Baƙi J10, Fari K9. Ƙasansa K8 baƙi ne, samansa K10 baƙi ne, L9 kaɗai ya rage. Baƙi ya aza L9 ya kwashe. Q16 bai ma san an yi ba. Duk baƙin dutsen da ke kan ɗaya daga layuka 4 na ciki yana ƙare tsani a inda yake, saboda haka idan kana bin hanya da ido, dutsen da aka fara cin karo da shi shi ne mai magana. Kada ka tsallake tsakiyar allo ka je kana nazarin kusurwa.

Na biyu ya fi yaudara, shi ne baƙin dutse da ke raɓe da farin, har mutum ya ɗauka ya kashe masa kaifi. Mu koma ga farin N15, a ƙara baƙi a M14. Da farko kamar an gyara ɓarakar, domin N14 yanzu zai haɗe da M14 da M13, kuma idan Fari ya aza O14 babu atari. Sai ka ƙara taki ɗaya. Baƙi O15, Fari P14, Baƙi Q14, Fari P15. Dubi O15: hagunsa N15 fari, ƙasansa O14 fari, damansa P15 fari, O16 kaɗai ya rage. Atarin da aka kauce masa ya dawo a mataki na gaba. Dalili kuwa, dutsen da ke layin waje yana taɓa duwatsun shinge 2 ne, na ƙasansa da na gefensa, M14 kuma ɗaya ya ceta. Wanda ya daina karatu da zarar ya ga an wuce haɗari na farko, nan zai faɗi.

Sai na uku, wanda shi ne mafi daɗin sani, kuma shi ne hujjata ta cewa ka'idar layi 6 ba ta isa hukunci ba. Tsani yana iya sauya layi a tsakiyar tafiya. Can baya mun ce Baƙi ba shi da zaɓin gefen da zai tare, domin tarewa ta ɗayan gefen tana ba Fari ƙofa 3. To idan akwai baƙin dutse da ya riga ya toshe ɗaya daga cikin 3 ɗin fa? Sai zaɓin ya samu.

Ga yadda yake. Fari yana da Q13, wanda muka tabbatar yana karya tsanin. Baƙi yana da K12, a kan layin waje na sama, wurin da ba ya ƙare tsani da kansa. An kora har Fari ya kai K10, ƙofofinsa L10 da K11. A al'ada Baƙi zai aza K11. Maimakon haka sai ya aza L10. Fari ya hau K11, amma K12 yana kansa, ƙofofinsa J11 da L11 ne kawai. Nan akwai rami. Idan Baƙi ya tare a L11, Fari zai fita ta J11 ya sa J10 a atari, komai ya wargaje. Azawar da ta dace ita ce J11, wadda ke haɗewa da J10. Fari L11, Baƙi M11, Fari L12, Baƙi L13, Fari M12, Baƙi N12, Fari M13, tsanin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Amma yi lissafin ragowa ka gani: Fari yanzu yana tafiya a kan 0 da -1, ba 0 da 1 ba. Hanyar gaba ɗaya ta gusa layi ɗaya zuwa sama. Shingen ƙasa ya zama N12, O13, P14, Q15, R16, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke taɓa Q13. P14 yana da P13 da Q14 a buɗe, Q15 yana da Q14 da R15. An wuce, Fari ya kai S18, Baƙi T18, Fari S19, Baƙi T19 ya kwashe.

Sai dai gusawar tana da nata farashi. Layukan haɗari sun zama daga -3 zuwa 2, saboda haka M15 da muka sallama a matsayin ɗan kallo zai zama mai karyawa idan yana nan, tunda zai taɓa M14 da N15, inda sabon shingen sama ke bi. Duk lokacin da tsani ya sauya layi, a sake auna faɗinsa daga inda ya sauya.

A wurin karatu, abin da ake ɗauke da shi a ka bai wuce tambaya 2 ba bayan kowace zurawar mai gudu: ƙofofinsa nawa ne, kuma akwai dutsen mai kora da ya koma ƙofa 1? Yawancin kuskure daga tambaya ta biyu yake fitowa, domin ido yana bin kan tsanin ya manta da shingen da ya bari a baya. A fili inda babu kowa ba sai ka ƙirga kowace azawa ba, bi layin 0 da ido ka tsaya taki 3 ko 4 kafin dutsen da kake tuhuma, ka tabbatar wane launi ne a wane gurbi da kuma wa ke da azawa, sannan ka tafi a hankali. Kuma idan akwai baƙin dutse kusa, gwada tarewa ta gefe biyun a kowane mataki.

Me ya sa ake tsananta wannan karatun haka? Domin korar tsanin da ya karye ba asarar dutse ɗaya ba ce. Da zarar Fari ya tsira ya sami azawa, shingen Baƙi kaf ya zama abin ci. Fari a D6 yana sa D5 da E6 a atari lokaci guda, ba yadda za a ceci biyun, kuma irin wannan gurbin yana nan jere a gefe biyu tsawon tafiyar. 'Yan wasa suna da karin maganar da ke cewa kowane taki a tsani ya kai maki 7. Ko ba a ɗauki lambar a matsayin awo ba, ma'anar a fili take: wanda ya gano a mataki na 3 cewa ya yi kuskure, gara ya tsaya a nan da ya kai na 10. Akan kawo wasan ƙwararrun Koriya ta Kudu Lee Sedol da Hong Jang-sik na 2003, inda Lee ya kori tsanin da ya san a karye yake, ya yi amfani da duwatsun da ya jera wajen kama wani babban rukuni a inda tsanin ya sauka, ya ci wasan. Wannan bai rushe ka'idar ba. Shi ya karanta har bayan karyewar ne, ya ga abin da zai samu ya fi abin da zai bayar.

Ko tsanin da ke aiki ma bai gama zama naka ba. Bayan Baƙi ya aza D5, Fari ba zai gudu ba, zai je can gaba ya aza dutsen da ke karya tsanin wanda kuma ke barazana ga wani abu a wurin. Baƙi sai ya zaɓa: ko ya cinye a E4 ya bar Fari ya yi azawa 2 a jere a can, ko ya amsa a can ya bar D4 ya fita. Shi ya sa ƙwararru kan cinye dutsen tsani da wuri, tun kafin abokin karawa ya sami wurin da azawa 2 za su yi ɓarna.

Nan raga ke shigowa, wadda ake kira geta. Maimakon a manne wa dutse a kore shi, sai a aza a gabansa a karkace, a bar masa ƙofofi 2 da ba su kai ko'ina. A ce ban da C4 da D3 da E3, Baƙi yana da C5. Ba sai ya sa atari ba, sai ya aza E5. Fari ya gwada E4, Baƙi F4. Fari D5, Baƙi D6 ya kwashe duwatsu 3. Ya fara ta D5 ma, Baƙi D6, Fari E4, Baƙi F4, duk ɗaya ne. Q16 da N15 da Q13 ba su da ta cewa, domin tafiyar ba ta bar unguwar ba. Idan raga da tsani duka suna kamawa, raga ake ɗauka, ko da tsanin yana aiki a yanzu.

Amma raga tana da sharaɗi, kuma C5 ne sharaɗin a nan. A matsayinmu na asali, inda babu shi, Baƙi a E5 ba ya kama komai: Fari zai aza D5 ya sami C5 da D6 da E4. Raga tana bukatar mataimaki a kowane gefe na mafita biyun, tsani kuwa gefe ɗaya ya ishe shi. Sannan ita ma dutsen da ke kusa yana yaga ta. Farin dutse a F4 ko D6 yana nufin mai gudu zai haɗe da shi a zurawa ɗaya. Na F5 kuwa, duk da yana manne da E5, bai isa ba: Fari E4, Baƙi F4, Fari D5 ya sa E5 a atari, amma shi kansa ƙofa 1 gare shi a D6, kuma azawar Baƙi ce. Ko bayan ragar ta kama, Fari yana da azawar tilas a ajiye. Ya aza F4 daga waje, dole Baƙi ya toshe E4, ko ya aza D6, dole Baƙi ya toshe D5. Duka biyun ma zai iya samu a jere, amma mai wayo ba ya kashe ta da wuri, yakan jira sai ya ga gefen da dutsen wajen zai fi yi masa amfani.